Ku daina yi wa odar kotu gunduwa-gunduwa

Masu karanta labarai a rediyo, da masu rubuta kanun jarida, da ku masu fassara wa jama'a abin da alƙali ya ce, da ku nake. Kun mayar da umarnin wucin gadi abin wasa. Alƙali ya yi rubutu shafi biyu ko uku, ku tsinci jimla ɗaya, ku yi mata kwalliya, ku jefa wa mutane: kotu ta hana, kotu ta tsige, kotu ta mayar. Har yaushe ta hana? Wa ta hana? Bisa wane sharaɗi? Ba ku faɗa ba, kuma sau da yawa ba ku ma karanta ba. Wannan ba taƙaitawa ba ce, sakaci ne, kuma talakan da ya dogara da ku shi yake kwana a ciki.

Umarnin wucin gadi ba hukunci ba ne. Mutum ne ya ruga kotu ya ce idan aka jira a kira abokin shari'arsa, kafin nan an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ya kawo takardar rantsuwa, lauyansa ya yi magana, ɗaya ɓangaren ba ya nan, bai ma san ana yi ba. Alƙali ya ce to, kowa ya dakata tukuna har in ji ta bakin kowa. Kotun Ƙolin Najeriya ta fayyace wannan tun 1989 a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya: irin wannan umarni na gaggawa ne na gaske, na ɗan taƙi ne, kuma ya bambanta da wanda ake bayarwa bayan an saurari ɓangarorin biyu, wanda shi kan zauna har a gama shari'a. Duk wanda ya ba da labarin na farkon kamar an yanke wa wani gaskiya, ya yi wa alƙalin ƙarya.

Mu ɗauki abin da kowa ya shaida a Kano. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautu biyar da dokar 2019 ta tanada. A wannan rana Mai shari'a Abdullahi Muhammad Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin wucin gadi a ƙarar da Aminu Babba Ɗan'agundi ya shigar. Kafin gari ya waye labari ya cika ko'ina cewa kotu ta hana mayar da Muhammadu Sanusi na biyu kan karaga, wasu ma har suna cewa ta soke dokar. Ban zo in ce wa ya dace da sarauta ba, wannan ba nawa ba ne. Abin da nake so ku duba shi ne abin da ke cikin takardar da kuka tsallake.

Waɗanda aka yi ƙara su takwas ne: gwamnatin jihar, majalisar dokoki, kakakinta, Antoni Janar, Kwamishinan 'yan sanda, Sufeto Janar, hukumar Sibil Difens da hukumar tsaron farin kaya. Babu Sanusi a cikinsu, kuma Aminu Ado Bayero ba shi ya kai ƙarar ba. Sashen da ya hana aiwatar da dokar ya ambaci na biyar zuwa na takwas, wato hukumomin tsaro huɗun nan. Wani sashe dabam kuma ya umarci dukkan ɓangarorin shari'ar su bar al'amura yadda suke kafin a zartar da dokar a sa mata hannu. Umarni biyu ke nan, kowanne da waɗanda ya hau kansu. Wanda ya cure su wuri guda ya ce "an hana Sanusi" ya ɓoye wa mai sauraro tambayar da aka shafe makonni ana fafatawa a kai, wato yaya umarnin da aka ɗora wa gwamnati da jami'an tsaro zai shafi mutumin da sunansa ba ya cikin ƙarar.

Ƙa'idar dai ita ce umarni yana ɗaure wanda aka yi ƙara, sai kuma waɗanda takardar ta haɗa da shi, galibi wakilansa, ma'aikatansa da duk mai aiki da yawunsa. Lauyoyi ba don son dogon turanci suke jera waɗannan ba. Idan aka hana Alhaji gini a fili, aka haɗa da masu yi masa aiki, to birkilan da ya ci gaba da ɗora bulo bayan ya san da odar ya shiga ciki. Wanda ba ya cikin ƙarar ma, idan ya sani kuma ya taimaka aka karya umarnin da gangan, kotu na iya kama shi da laifin raina ta. Amma maƙwabcin da yake gini a nasa filin babu ruwansa. Saboda haka mai taƙaitawa dole ya kirawo sunaye kamar yadda suke a takarda, ya kuma faɗi ko an ƙara da wakilai. "Kotu ta hana su" ba magana ba ce. Su wa?

Sai wa'adi, kuma nan ne kuka fi ba ni haushi, domin yana rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan takarda. Umarnin Mai shari'a Liman na nan ne har zuwa sauraron ƙarar, an kuma sa ranar 3 ga Yuni. Ba a nan ya tsaya ba, alƙalin da kansa ya ce ɓangarorin su zo su yi masa bayani kan ko kotunsa tana da hurumin sauraron maganar ma. Wato wanda ya ba da odar yana sanar da kowa cewa ƙasar da ya taka ba ta gama ƙwari ba. Ku nawa ne kuka faɗa wa jama'a haka? A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi kan rikicin sarauta, magana ta wuce zuwa Kotun Ƙoli. Da kun karanta wancan layi ɗaya, da masu sauraronku ba su ji abin kamar saukar aradu ba.

Kuma kada ku haddace cewa kowace oda kwana bakwai take yi, kamar yadda nake jin wasunku suna faɗa da ƙarfin hali. Kowace kotu da dokokin aikinta. A Babbar Kotun Jihar Legas umarnin hani da aka bayar a bayan idon ɗaya ɓangaren yana faɗuwa bayan kwana 7, sai in alƙali ya ƙara. A Babbar Kotun Tarayya lissafin kwana 14 ne, kuma yana ratayawa ne a kan ranar da wanda odar ta shafa ya nemi a sauya ta ko a janye ta, ba ranar da aka ba da ita ba. Wata odar kuma ba ta ƙirga kwanaki, sai ta ce har a saurari buƙatar da aka sanar da ɗaya ɓangaren. A nan sai a yi hattara, domin "har a saurara" dabam, "har a saurara a yanke" dabam, kuma idan ranar ta zo aka ɗage zama, aikin ɗan jarida ne ya tambayi rajistara ko an tsawaita odar ko an bar ta ta mutu. Akwai mutanen da suke yawo da hoton odar da ta daɗe da mutuwa a waya suna tsorata jama'a da ita, kuma ku kuka ba su wannan dama.

Sharuɗɗa kuwa kamar kun yi rantsuwa ba za ku taɓa ambatarsu ba. Wanda ya nemi a tsayar da abokin shari'arsa ba tare da an ji shi ba, yawanci sai ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan ta bayyana bai cancanci odar ba. Shari'ar Kotoye ta ba wannan alkawari nauyi sosai. Idan alƙali ya ce a shigar da shi a rubuce cikin kwana kaza kuma ba a yi ba, ɗaya ɓangaren yana da hujjar neman a janye odar. Haka idan mai neman ya ɓoye wa kotu wata gaskiya mai muhimmanci. Sai batun isar da takarda: hannu da hannu aka ce a kai, ko a liƙa a ƙofar gida, ko a buga a jarida? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kafin a tura mutum gidan yari kan raina kotu sai an kai masa Fom 48, mai ɗauke da odar da gargaɗin abin da zai biyo baya, sannan Fom 49, mai kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Ku kuma tun kafin masinjan kotu ya tayar da babur kun riga kun shelanta cewa wane ya yi wa kotu kunnen ƙashi.

Kwana huɗu bayan odar farko, ranar 27 ga Mayu, Mai shari'a Amina Adamu Aliyu ta Babbar Kotun Jihar Kano ta ba da tata, wadda ta hana Aminu Ado Bayero da sauran sarakuna huɗu gabatar da kansu a matsayin sarakuna har a saurari buƙatar, ta sa 11 ga Yuni. Nan take kuka koma cewa wannan kotu ta soke umarnin waccan. Ba ta soke ba, ba kuma ta da ikon yi, domin kotuna ne masu daraja ɗaya, ƙararrakin dabam, masu ƙara dabam, waɗanda ake ƙara ma ba duka ɗaya ba. Abin kunyar karo da juna na alƙalai ne, shi ya sa Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu. Amma ruɗanin da ya shiga kasuwa da majalisar shayi, rabinsa daga bakinku ya fito.

Kuna cewa lokacin labarai kaɗan ne. To ga odar farkon nan a numfashi uku: Babbar Kotun Tarayya a Kano, bayan ta ji ɓangaren mai ƙara kaɗai, ta hana 'yan sanda, Sibil Difens da jami'an farin kaya aiwatar da sabuwar dokar masarautu, ta kuma umarci gwamnati da majalisa da sauran ɓangarorin su bar komai yadda yake kafin dokar. Umarnin na wucin gadi ne har zaman 3 ga Yuni, ranar da za a kuma duba ko kotun tana da hurumi. Ba a yanke hukunci kan ingancin dokar ba. Wannan bai kai rabin minti ba a iska, bai kai tsawon tallar maganin basir da kuke sakawa sau uku kafin labarai ba.

Edita kuma kada ya ɓuya a bayan wakilinsa. Idan rahoto ya zo teburinka babu kwafin odar mai hatimin kotu da sa hannun alƙali ko rajistara, sai abin da lauyan mai ƙara ya faɗa a bakin ƙofar kotu yana gyara hula, mayar masa da shi. Lauyan da ya samo oda zai faɗa maka abin da ya roƙa ne, alhali alƙali kan ba da biyu cikin roƙo biyar, ya ƙi sauran ko ya ce a sanar da ɗaya ɓangaren tukuna. Ka ce wa wakilinka ya koma rajistara ya kawo takardar, ya fara karatu daga inda aka jera abin da kotu ta umarta, ba daga inda aka jera abin da aka nema ba.