Sanin Sunan Karkataccen Tunani Ba Ya Miƙar Da Shi

A shekarar 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Aaron Beck, ya wallafa maƙala a kan yadda masu ciwon tsananin damuwa suke tunani. Ya lura cewa baƙin cikinsu ba haka kawai yake sauka ba. Akwai wasu gajerun maganganu da suke gilmawa a zuciyarsu farat ɗaya, su kuwa su karɓe su tamkar gaskiya, alhali a karkace suke, kuma karkatar tana bin hanyoyi sanannu. Wani yakan yanke hukunci ba tare da hujja ba. Wani yakan tsinci aibi ɗaya ya manta da alheri tara. Wani abu ɗaya ne zai lalace masa, sai ya yi wa rayuwarsa duka kuɗin goro. Wani kuma yakan kambama kuskurensa, ya ƙanƙanta nasararsa. A kan wannan ne aka gina hanyar magani ta gyaran tunani da ɗabi'a, kuma a 1980 ɗalibin Beck, David Burns, ya jera irin waɗannan karkace-karkace guda 10 a littafin da ya rubuta domin kowa da kowa.

Jerin nan ya yaɗu har ya fi maganin kansa shahara, kuma a nan matsalar take. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun iya cewa "wannan kuɗin goro ne" aiki ya ƙare. Sunan kuwa alama ce kawai da ke nuna inda za a tona. Abin da mai neman magani yake koya a zama 12 zuwa 20 da aka saba yi shi ne ya ɗauki tunaninsa a matsayin da'awa, ya nema mata shaidu, sannan ya fita ya jarraba ta.

A ɗauki misalin wata malamar sakandare da shugaban makaranta ya shiga ajinta ya duba darasinta. Ya yaba abubuwa huɗu, ya yi gyara ɗaya: lokaci ya ƙure mata kafin ta kammala. Washegari ta gaishe shi, ya amsa a gajarce ya wuce. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata, ta daina zama ɗakin malamai.

Matakin farko shi ne ta rubuta abin da ya faru kamar yadda na'urar ɗaukar hoto za ta gan shi, ba tare da fassara ba. "Ya wulaƙanta ni" fassara ce. "Na gaishe shi, ya ce lafiya, ya wuce" shi ne abin da ya faru. Daga nan ta rubuta abin da ta ji a ranta da ƙarfinsa daga 0 zuwa 100: baƙin ciki 85, kunya 70. Sannan ta kamo maganar da ta gilma mata a lokacin. Cikin uku ko huɗu da za su fito, ana zaɓen wadda ta fi zafi: "Ban iya koyarwa ba, kuma ya gane." Ta ce ta yarda da ita kashi 90.

Sai a nan sunaye suke da amfani. Ta tsinci gyara ɗaya ta bar yabo huɗu, ta mai da darasi ɗaya ma'aunin aikinta duka, ta kuma shiga zuciyar shugabanta ta karanto abin da bai faɗa ba. Amma ganin haka bai rage 90 ɗin nan ba, domin mutum yana iya sanin tunaninsa a karkace yake ya ci gaba da yarda da shi.

Abin da ke rage shi shi ne sauraron shaidu, kuma adalci ya wajabta a fara da masu goyon bayan da'awar. Gaskiya ne lokaci ya ƙure mata, kuma ba ranar ce farau ba. Gaskiya ne ya amsa gaisuwa a gajarce. Sannan a juya ɗaya ɓangaren. Mai ba da magani ba ya ce mata ta yi kuskure. Tambaya yake yi. Me aka rubuta a sauran takardar? Ya taɓa amsa wa wasu a gajarce? Da abokiyar aikinta ce ta samu wannan takarda, me za ta ce mata? A nan ta tuna shekara shida tana koyarwa ba a taɓa kai ƙararta ba, kuma safiyar nan ana shirin jarrabawa, kowa a guje yake.

Daga ɓangarorin biyu take haɗa sabuwar magana: "Ina da matsalar tsara lokaci, kuma tana gyaruwa, sauran aikina an yaba, ban san dalilin gajeruwar amsarsa ba." Ta sake aunawa: yarda da tsohuwar magana ta sauko 50, baƙin ciki 55. Bai kai sifili ba, kuma ba a nemi ya kai ba. Masu ɗaukar wannan hanya a matsayin koya wa mutum kyakkyawan zato sun yi mata gurguwar fahimta. Da ta rubuta "ni gwanar malama ce", da awon bai motsa ba, don ita kanta ba ta yarda ba. Wannan ce ma hanyar gane an yi kuskure: idan lamba ta ƙi sauka, to ko dai ba a kamo maganar da ta fi zafi ba, ko an ɓoye wata shaida, ko sabuwar maganar lallashi ce kawai.

Saura mataki mafi nauyi, domin gani ya kori ji. Ta tsara gwaji: za ta sami shugaban ta nemi shawararsa kan tsara lokaci. Kafin ta je ta rubuta hasashenta, cewa zai sallame ta cikin minti ɗaya da fuska a ɗaure. Rubutawar tana da muhimmanci, domin in ba haka ba zuciya takan sauya hasashen bayan an ga sakamako. Idan ya zauna da ita minti goma, da'awar ta sha kaye a fili. Idan kuwa ya ɗaure fuska, ta samu labari na gaskiya da za a yi aiki a kansa. A 1996 Neil Jacobson da abokan aikinsa sun gano cewa mayar da masu tsananin damuwa ga ayyukan da suka ƙaurace wa ya yi tasiri daidai da cikakken maganin da ya haɗa da binciken tunani. Wannan ya isa gargaɗi ga wanda yake cika takardu a ɗaki ba ya fita.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Ba kowane tunani mai ɗaci ne karkatacce ba. Matar da mijinta yake dukanta, in ta ce tana cikin haɗari, daidai ta gani, kuma abin da take bukata mafita ce. Mai ba da maganin da ya laƙaba wa gaskiya sunan karkata ya zama shi ne mai yanke hukunci ba hujja. Haka nan mai tsananin damuwa yakan mai da jerin sunayen bulala, ya ce ga shi ko tunani bai iya ba. Wanda kuma ya fara tunanin kashe kansa, ganin likita da gaggawa yake bukata kafin kowace takarda.

Saboda haka ba yawan sunayen da mutum ya haddace ake dubawa ba. Ana duba ko ranar da irin wannan magana ta sake gilma masa, ba mai ba da magani a kusa, zai tsaya ya tambayi kansa mece ce hujjarsa, sannan ya tashi ya je ya gani.