Ƙafar giwa: a daina ɗora wa injin laifi

Duk wanda ya buga abu da firintar 3D a Gumel ko Maigatari cikin Afrilu, ya ga gindinsa ya baje kamar mai tundurmi, ya ajiye sanfefa tukuna. Gogewa ɓoye laifi ne.

Robar PLA takan fara laushi a wajen digiri 60, kuma nan ɗin ne yawancin manhajoji suke saita zafin faranti. A ɗakin da ya haura digiri 40, shimfiɗun ƙasa ba sa daskarewa da wuri, sai nauyin na sama ya danne su. Me ya sa za mu bi saitin da aka tsara don ɗaki mai sanyi ido rufe?

A buga ɗan kubu mai milimita 20, a auna. Idan shimfiɗar farko kaɗai ta kumbura, bakin injin ya matse faranti, sai a ɗaga `Z offset` da 0.05. Idan kumburin ya haye shimfiɗa uku ko huɗu, zafi ne, a sauke faranti zuwa 50.

Sai bayan haka a taɓa `Elephant foot compensation` a PrusaSlicer. Idan gindi ya nuna 20.4, a rubuta 0.2, domin rarar ta gefe biyu ce.