Photoshop ɗinka da Faransanci ya zo? Dakata, kar ka goge shi tukuna

1/ Wani ƙanena a Bebeji ya sayo laftof na hannu a Kano, ya buɗe Photoshop sai ya tarar komai da Faransanci. Ga katin ɗaurin aure da ya karɓa daga Tiga, gobe da safe za a zo ɗauka. Wai zai koma Kano a yi masa fomatin. Na ce malam zauna, kai ba yaren ne matsalarka ba, sunaye ka haddace ba aiki ba.

2/ Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu za su yi musu: wanda sai ya ga kalmar Crop a rubuce kafin ya iya yanke hoto, bai gama koyon editin ba. Masu fassara manhaja kalmomi suke canzawa. Alamomi da jerin menu suna nan inda ka bar su.

3/ Mu fara da yanka. Alamarsa kusurwa biyu ce masu kama da harafin L, sun sarƙe da juna, a jerin kayan aikin gefen hagu. Ko kawai ka danna C. In layi ya zagaye hoton da 'yan maƙalai a kusurwoyi, ka ja ɗaya ka ga gefe ya dushe, to shi ne. Su Recadrage suke ce masa, amma wa ya tambaye su?

4/ Inda ake faɗuwa: yanka daban, rage girma daban. In akwati ya buɗe da lambobin tsawo da faɗi, ka canza su hoton ya ƙanƙance amma babu abin da ya fita daga cikinsa, ba yanka ka yi ba. Yanka sai wani abu ya ɓace, kamar kafaɗar abokin ango da ta leƙo ta gefe.

5/ Leya kuwa ƙirga za ka yi. Menu na sama daga hagu: Fichier, Edition, Image, Calque. Na huɗun nan shi ne Layer. Allon leyoyin kansa F7 ke kira, wani laftof ɗin sai ka haɗa da Fn. Shaidarsa ƙananan hotuna jere, kowanne da ido a gefensa. Danna idon, in sunan amarya ya ɓace daga katin, ka san a leyar da yake.

6/ Yanzu ga inda kuɗin yake: fitarwa. Yaron nan ya gama aiki, ya danna Ctrl+S, ya tura wa mai biki ta WhatsApp. Minti biyu sai ga kira, abu ya ƙi buɗuwa. PSD ya tura. Wannan fayil ɗin aikinka ne, da leyoyinsa, ba na kwastoma ba ne.

7/ Fitarwa tana menu na farko, can ƙasa-ƙasa. Kar ka tsaya karanta kalmomin, dubi gajerun maɓallan da ke gabansu. Alt+Maj+Ctrl+W shi ne Export As, Maj kuwa Shift ne. In tsohon CS6 gare ka babu wannan, don sai a 2015 ya shigo, nemi mai ƙarewa da S, wato Save for Web.

8/ Yadda za ka tabbatar ka iso: za ka ga JPG da PNG, su ba a fassara su a kowane yare. Katin da za a yaɗa a waya JPG ya ishe shi. Amma in tambari ne ka cire bayansa, kana ganin darar nan ta fari da toka-toka, PNG za ka zaɓa. Ka yi JPG, farin bango zai dawo.

9/ Gargaɗi, don wannan ya kusa sa shi kuka. Kibod ɗin Faransa ya musanya Z da W, A da Q. In Windows na kan tsarin Turanci, maɓallin da aka rubuta wa Z a zahiri W yake bugawa. Ka je komawa baya da Ctrl+Z, sai fayil ya nemi rufewa. Buɗe Notepad ka gwada su huɗun kafin ka fara.

10/ Zan yi wa masu musu adalci: akwai inda yare ke da amfani. Akwatin gargaɗi ba shi da alamar da za ta taimake ka. Ya fito ba ka gane shi ba, danna Esc, kar ka yi canke. Kalma uku dai ka riƙe: Oui e, Non a'a, Annuler fasawa.

11/ Katin ya fita kafin isha'i, JPG ɗaya na waya, PSD na ajiye saboda dangin ango ba sa rasa sunan da suka manta. Laftof ɗin har yau Faransancinsa yake yi. Masu PixelLab da PicsArt a waya, ku gwada sauya yaren wayarku na minti 10 ku nemo abubuwan nan uku, amma ku lura da hanyar komawa kafin ku sauya.