Ina Ƙarfin Mota Yake Tafiya In An Taka Birki?

'Yan'uwa ɗalibai, mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,000 tana gudun mita 20 a sakan ɗaya, wato kilomita 72 a awa. Makamashin motsinta muna lissafa shi da KE = ½mv². Wato ½ × 1,000 × 20 × 20, mun sami jul 200,000. In gudun ya ninka, makamashin zai kai jul 800,000, ninki huɗu ke nan. Nisan da za ta ci kafin ta tsaya ma haka zai ninku.

Birkin da muka sani yana mayar da wannan makamashi zafi, iska ta kwashe. Ita kuwa motar lantarki, injinta yakan koma janareta, tayoyi su juya shi, wuta ta koma batir.

Amma ba duka ake tsira da shi ba, domin inji da batir suna ɗumama. Akan ceto kamar kashi 60 zuwa 70 cikin 100, wato jul 120,000 zuwa 140,000 a misalinmu. In batir ya cika, ko an taka birkin gaggawa, birkin gargajiya ne ke karɓar aikin. Direban da ya rage gudu sannu a hankali shi ke da riba.