Kafin a buga suna a kwali, a kai shi kunnen maƙwabci

Jama'a, akwai sakacin da ya zama mana ɗabi'a a Abidjan, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya. Ɗan kasuwa zai yi wata uku yana ciniki da masana'anta a Guwanzu a kan farashin caja, amma sunan da za a buga a kwalin, a dare ɗaya yake zaɓensa shi kaɗai, da kunnen Hausa zalla. Alhali mai sayen kayan a Black Market ta Adjamé ko a kasuwar Treichville galibi Faransanci, Julanci, Baule ko Nushi yake ji.

Mu ɗauki misali. A ce wani ya raɗa wa cajarsa suna Kaka, don tunawa da wadda ta rene shi, ko don fatan yalwar lokacin girbi. Niyya kyakkyawa ce. Sai dai a kunnen mai Faransanci, wannan lafazi shi ne kalmar da yara ke kiran bayan gida da ita. A ce ya buga kwali 10,000, kowane a kan sefa 60. Sefa 600,000 ke nan sun tafi kafin a sayar da ko ɗaya. In kuma an zana sunan a jikin cajar, manna takarda a kwali ba zai rufe kunyar ba. Ko ya tsawaita shi zuwa Kaka Mai Albarka bai tsira ba, domin kasuwa gutsure suna take yi, kuma gutsuren da ya fi ban dariya shi take riƙewa.

Abin yana juyowa ta ɗaya ɓangaren. Wari a Julanci kuɗi ne, a wurinmu kuwa ɗoyi. Garba a gidajenmu sunan dattijo ne, a titin Abidjan kuwa aceke ne da soyayyen kifi. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa da injin mai bugawa kan zubar: ƙashi ya rasa lanƙwasarsa, kowa ya san abin da ya koma.

Masu cewa kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, su dubi waɗanda suka fi mu jari. Mitsubishi ta fito da Pajero a 1982, amma a Sifen da yawancin ƙasashen Amurka sai ta kira ta Montero, saboda sunan farko batsa ne a Sifaniyanci. Toyota ta gutsure MR2 zuwa MR a Faransa, domin in an karanta shi da Faransanci yana kama da zagin da ke nufin ƙazanta. Motocin ba su da aibi, amma kamfanonin ba su yarda su yi wasa da kunnen mai saye ba. Mu da muka yi zaman allo ma mun san aya ta 104 a Suratul Baƙara, inda aka hana muminai wata kalma mai kyau a Larabci saboda wasu na murɗa ta zuwa zagi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A rubuta sunan a takarda, a miƙa wa mutum ya karanta da ƙarfi ba tare da an furta masa ba, domin yadda ɗan makarantar Faransanci zai karanta shi, haka kasuwa za ta kira shi. Sannan a faɗe shi ta waya ga wanda bai ga rubutun ba. A nemi aƙalla mutum uku a kowane harshe, a haɗa da mace da kuma yaron shago, domin Nushi a bakin matasa yake, dattijo ba zai san sabon zagi ba. A tambaye su ɗaiɗai. Kada a ce: «Ya yi kyau?», domin maƙwabci zai ce ya yi don kunya. A ce: «Me ya tuna maka?» In ya yi murmushi, ko ya kau da kai, ko ya ce a maimaita, to amsa ta fito. A je da suna uku, don kada son guda ɗaya ya toshe kunne.

Wasu za su ce suna tsoron a sace musu suna. Maganin wannan shi ne rajista a OAPI ta ofishin OIPI da ke nan Abidjan, wadda ke kare suna a ƙasashe 17. Amma a yi gwajin tukuna, cikin mutanen da aka amince da su, domin rajista mallaka take tabbatarwa, ba ta hana dariya. Kuma tunda Nijar, Mali da Burkina Faso na cikin ƙasashen, wanda kayansa za su haura arewa ya ƙara Zabarmanci da Mosanci a gwajin.

Mu 'yan tsiraru ne a garin nan. In suna ya zama abin ba'a, ba za a ce kayan wane ba, kayan Hausawa za a ce. Saboda haka duk wanda zai aika wa mai bugawa suna, ya fara zagaya shaguna biyar na layinsa da takarda a hannu. Allah ya sa mu dace.