Kuɗin da Famfon Mai Ke Riƙewa

A gidajen man Birtaniya, inda direba ke sa kati a famfo ya zuba da kansa, na'urar ba ta san na nawa zai sha ba. Don haka takan nemi banki ya keɓe wani adadi tukuna, a ce fam 100. Kuɗin na nan cikin asusunka, taɓawa kawai aka hana ka. Idan ka sha na fam 40, gidan man zai aika ainihin lissafi, banki ya cire 40 ya saki 60. In ka fasa, riƙon ya ɓace ɗungurungum. Abin da ke damuna shi ne jinkirin sakin, wanda wani lokaci yakan kai kwanaki, har mai fam 110 ya ga katinsa ya ƙi biyan cefanen fam 20.