Ba kowace "sori" ce neman gafara ba

A Nima, ka yi tuntuɓe a bakin gwata, wanda bai ma taɓa ka ba zai ce maka "sori". Wannan "sannu" ce. Amma in shi ya ture ka, "sori" ɗinsa "yafe mini" take nufi. Bakin Turanci ɗaya, Hausa biyu.

Ina ganin masu yi mana tafinta a rediyo, asibiti da ofishin 'yan sanda suna wasa da wannan bambanci. A ce direba ya kai yaron da wata mota ta buge asibitin Maamobi, ya ce wa uwar "sori". In tafinta ya ce "yana neman gafara", ya ɗora masa laifin da bai yi ba. "Yana yi miki sannu" ya kamata ya ce.

Manya ma sun san wannan. A 2006 Tony Blair ya nuna baƙin cikinsa ne kawai kan cinikin bayi, masu fafutuka suka ce wannan ba neman afuwa ba ne. Sai a Maris 2007, da ya gana da Shugaba Kufuor, ya furta "sori" ƙarara.

Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne: gwada ƙara "laifina ne" a bayan maganar. In ta zauna, ka ce "a yafe mini". In ba ta zauna ba, "sannu" ko "Allah ya sawwaƙe". "Yi haƙuri" kuwa tana ɗaukar ma'ana biyun, don haka inda ake neman mai laifi, a guje ta.